Wasiƙar da ba ta tambayi farashi ba

A Kantin Kwari akwai wata sana'a da ba ta da rumfa, ba ta da allo a bakin ƙofa, amma dukiya mai yawa tana ratsawa ta hannun masu ita. Su ne samarin da ke rubuta wa manyan 'yan kasuwa imel zuwa ga masu kayansu na ƙasar Sin. Yawanci 'ya'yan gida ne da suka yi boko, aka zaunar da su a lungun shago da kwamfuta da waya. Da yawansu sun iya Turanci. Kaɗan ne suka iya aikin, domin wadda za ta karanta wasiƙar a can ita ma Turancin aro take yi, tunaninta da Sinanci yake tafiya, kuma a al'adar kasuwancinsu sai an san mutum kafin a ɗauki buƙatarsa da nauyi.

Wanda na fi ganin gwanintarsa a cikinsu ɗan ƙanwar wani Alhaji ne mai sayar da yadin maza a sari. Na bi yadda ya tafiyar da oda guda daga farkonta har aka loda ta a jirgi, kuma har yanzu ina mamakin yawan tunanin da ke cikin 'yan layukan da yake aikawa.

Alhajin ya je baje kolin Canton, wanda ake yi a birnin Guangzhou sau biyu a shekara tun 1957, ɗaya a Afrilu zuwa Mayu, ɗaya a Oktoba zuwa Nuwamba. Yadudduka suna zangon ƙarshe, wato na uku, wanda a zaman kaka yake kamawa daga 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Ya dawo da katunan kamfanoni cike da leda, kuma wanda ya fi kwanta masa a rai na wani kamfani ne daga Keqiao, gundumar birnin Shaoxing a lardin Zhejiang, inda ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yadi na duniya take. Ya miƙa wa yaron katin ya ce a tambayo masa farashin yadi dubu talatin.

Yaron bai tambaya ba. Abin da ya rubuta, idan aka mai da shi Hausa, bai wuce wannan ba:

"Muna godiya da karɓar da kika yi wa maigidana a rumfarku ranar 2 ga Nuwamba, da shayin da kika ba shi. Ga hoton da kuka ɗauka tare. Muna sayar da yadin maza a sari a Kano, arewacin Nijeriya, kuma masu sayenmu suna zuwa har daga Nijar da Chadi da Kamaru. Mukan yi babban saye sau biyu a shekara, kafin bukukuwanmu guda biyu. Maigidana ya yaba da laushin yadin da kika nuna masa, ga lambarsa a hoto na biyu. Muna neman kamfanin da za mu daɗe tare. Ko za ki iya aiko mana da katin launukan wannan yadi? Mu za mu biya kuɗin aikowa."

Da aka karanta wa Alhaji, sai ya ce, "To ɗana, ina maganar kuɗin? Shayi na aike ka ka yi godiya?"

Yaron ya ce, "Kawu, a yi haƙuri. In na tambaya yau, farashin baƙo za ta ba mu. A bari ta fara sanin ko mu su wane ne."

Gaskiyar yaron tana fitowa idan aka dubi wadda ke ɗaya ɓangaren. Wasiƙar ba ta zuwa hannun mai kamfani. Tana zuwa ne ga ma'aikaciyar sashen cinikin waje, galibi matashiya da ta karanci Turanci ko kasuwanci, wadda wani kaso na samunta la'ada ce a kan abin da ta sayar. Bayan baje koli akwatinta yana cika da saƙonnin mutanen da ba ta tuna fuskarsu ba, kowa yana cewa a ba shi mafi arha. Ta san mafi yawansu gwaji suke yi, su ɗauki farashinta su kai wa wani kamfani. Irin waɗannan akan ba su ɗaya cikin biyu: ko farashi mai tsada da aka bar wurin ragi a cikinsa, ko farashi mai arha da za a cike giɓinsa daga baya ta hanyar rage kaurin yadin. Ba ta da dalilin da zai sa ta shiga ofishin maigidanta ta yi jayayya a kan baƙo.

Wasiƙar yaron ta ba ta dalilin. Hoton ya tuna mata da fuskar. Ambaton Nijar da Chadi da saye sau biyu a shekara ya ba ta abin da za ta faɗa wa maigidanta: wannan mai dawowa ne. Biyan kuɗin aikowa, wanda bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kwantena, ya nuna mata cewa mutanen nan da gaske suke, ba kuma masu son banza ba ne. Buƙatar da ya gabatar ƙarama ce, wadda za ta iya biya da kanta a yini guda ba tare da neman izinin kowa ba. Da ta aiko, ya gode mata a ranar da saƙon ya iso. An yi alheri, an yaba, an fara ƙulla abin da Sinawa ke kira guanxi, wato dangantakar da ake ginawa ta hanyar yi wa juna hidima da tunawa da ita. A wurinsu akwai tazara mai faɗi tsakanin mutumin waje da wanda ya zama na gida, kuma abubuwa da yawa da ba a rubuta su a yarjejeniya, kamar shigar da aikinka gaba a layin rini ko gaya maka gaskiya da wuri idan an samu matsala, na gida ake yi wa su. Ga ɗan kasuwar Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babu wanda zai tashi daga nan ya je kotun Shaoxing a kan kwantena guda. Kariyarsa ta zahiri ita ce a samu wani a cikin kamfanin da zai ji kunyar a cuce shi.

A nan Bahaushe yana da gado mai amfani, tun da mun san ba a faɗa wa mutum da buƙata ba gaisuwa. Sai dai gadon yana iya kai mutum ya baro. Na ga wasiƙun da aka buɗe da tambayar gajiya da iyali da lafiyar yara, aka kira baƙuwa 'yar'uwa, aka yi addu'o'i layi biyar kafin a zo kan magana. Wannan ba ya gina komai a wurinta. Tambayar iyali daga wanda ba a sani ba tana zo mata bambaraƙwai, dogon rubutu kuma nauyi ne ga mai karatu da yaren aro, wadda sau da yawa za ta jefa shi a manhajar fassara, ado da karin magana su fito a hargitse. Ma'aikatan cinikin waje sun saba da wasiƙu gajeru, ba sa jiran a yi musu fadanci. Abin da suke aunawa shi ne ko ka tuna da su, ko kana amsawa a kan lokaci, ko abin da ka ce za ka yi ka yi shi. Zumuncin yana ginuwa ne a tsawon wasiƙu da yawa, ba a tsawon gabatarwar wasiƙa guda ba. Yaron nan gaisuwarsa ba ta wuce layi biyu, amma kullum akwai wani abu a cikinta da ya shafi ita kaɗai. Da ta taɓa ambata cewa garinsu na lardin Anhui ne, sai ya riƙe, ya kuma tambaya a lokacin da ya dace.

Sunan ma sai an kula. Sinawa suna fara rubuta sunan gida ne, sunan yanka ya biyo baya, kuma mace ba ta canza sunan gidansu idan ta yi aure. Idan katin ya nuna sunan gidan Chen ne, "Dear Ms. Chen" ake rubutawa a farko. Ma'aikata da yawa suna ɗaukar sunan Turawa don sauƙaƙa wa baƙi, kuma idan ta sa hannu da shi, an ba ka izinin amfani da shi ke nan. Mai kamfani kuwa da muƙaminsa ake kiransa. Su da kansu suna liƙa zong a bayan sunan gidan babban shugaba, jingli a bayan na manaja, don haka "Dear Manager Wang" ba ya zame musu baƙon abu, yana ma daɗaɗa musu.

Tun a wasiƙa ta biyu ta nemi su koma WeChat, kuma ya yarda, domin Gmail da WhatsApp a toshe suke a babban yankin Sin, rayuwar yau da kullum kuma a WeChat take gudana. Ya raba aikin gida biyu. Hira, hoton kasuwa, barka da biki, tambayar gaggawa, duk a WeChat. Duk abin da ya shafi adadi, launi, kuɗi ko rana, ko da a can aka cimma shi, sai ya sake rubuta shi a imel ya nemi ta amsa da tabbatarwa. Yana kuma lissafa agogo: Sin tana gaban Nijeriya da awa bakwai, ƙarfe tara na safe a Kano ƙarfe huɗu na yamma ne a Keqiao. Abin da yake so a duba da sanyin safiyarsu yana aika shi kafin ya kwanta.

Da lokacin buƙatar ya zo, sai na ga kamar wani mutum daban ne ya rubuta. Layi biyu na gaisuwa da godiya a kan katin launuka, sannan rubutun ya bushe ƙayau. Kowace jimla magana ɗaya. Kowace tambaya da lambarta, don ta amsa a ƙarƙashinta, domin ya lura idan aka cusa tambayoyi huɗu a sakin layi guda, mai sauƙin ake amsawa a bar sauran. Launi shida, kowanne yadi 5,000, jimla 30,000. Faɗi inci 58. Nauyin yadin a kowace murabba'in mita, da lamba, don kada a rage kauri. Tsawon kowane bandir. Farashi a kan FOB Ningbo, wato har a ɗora kayan a jirgi a tashar Ningbo. Kafin alƙalami kashi 30, cikon kashi 70 bayan an duba kaya.

A kan awo ya fi tsayawa, kuma da dalili. Kano da yadi take sayarwa, Keqiao kuwa ta fi sabawa da mita, ko da yake masu fitar da kaya suna aiki da duka biyun. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne. Yadi 30,000 mita 27,432 ke nan, bambancin ya haura mita 2,500. Idan ita tana ba da farashin mita kai kana jin na yadi, ko akasin haka, kusan kashi tara cikin ɗari ya shige tsakaninku ba wanda ya yi ƙarya, kuma ranar da abin ya fito fili kowa zai ga ɗan'uwansa ne macuci. Shi yana rubuta awon biyu gefe da gefe. Haka yake yi da manyan lambobi. Sinanci yana ƙirga da dubu goma-goma ne, abin da suke kira wan, don haka dubu talatin a kansu uku ne na wannan ma'auni, dubu ɗari uku kuma talatin. Wajen juyawa daga wannan lissafi zuwa na Turanci sifili yakan ɓace ko ya ƙaru, musamman a magana ta baki. Ba ya taɓa rubuta adadi da kalmomi kaɗai ko da gajerun alamu. Rana kuma yakan rubuta ta yadda suke yi, shekara, wata, rana: 2025-12-20.

Akwai tarko guda da Bahaushe zai gane nan take. In ka ce wa mutum, "Ba ka gama ba?" ya ce, "E," ka san bai gama ba. Basine ma haka yake amsawa, yana gaskata zancenka ne. Turanci kuwa akasin haka yake tafiya. To idan aka rubuta mata "You can't ship before December 20?" ta amsa "Yes", babu mai iya rantsuwa a kan abin da take nufi. Yaron ba ya yin tambaya mai kore. Ba ya ma son tambayar da amsarta e ko a'a ce idan maganar rana ce. Yakan ce: wace rana za a gama rini? Wace rana kaya za su bar masana'anta? Tambayar da ke neman lamba ba ta barin wurin zamewa, ba ta kuma tilasta wa kowa furta a'a.

Furta a'a ɗin shi ne abin da ya fi wuya a wajensu, kuma karanta shi ne rabin gwanintar. Alhaji ya so a rage adadin launi guda zuwa yadi 500, ƙasa da mafi ƙarancin abin da suke rinawa a tukunya ɗaya, wanda ake rubutawa MOQ. Amsar da ta zo ita ce abin yana da ɗan wuya, amma za ta yi iya ƙoƙarinta ta yi magana da masana'anta. Alhaji ya ji daɗi, ya ce ai ta yarda. Yaron ya ce, "Kawu, ba ta yarda ba. Ta ƙi ne cikin ladabi." A wurinsu ƙin buƙatar abokin hulɗa kai tsaye yana zubar da girman duka biyun, abin da suke kira mianzi, fuskar mutum a idon jama'a. Saboda haka a'a yakan zo a sigar "akwai ɗan wuya", ko "za mu duba", ko "bai dace ba a yanzu", ko a amsa tambayoyi uku a tsallake ta huɗu, ko shiru daga wadda ta saba amsawa cikin awa guda. E na gaskiya yana zuwa da lamba da rana. Wanda bai san wannan ba zai zauna jiran abin da ba zai zo ba, sannan ya ce an yaudare shi.

Abin da yaron ya yi shi ne buɗe mata ƙofar da za ta fita ba tare da ta ce a'a ba. Ya rubuta cewa ya fahimci tukunyar rini tana da ƙa'idarta, sannan ya tambaya: idan 500 ba zai yiwu ba, nawa ne mafi ƙanƙanta, ko nawa za a ƙara a kan kowane yadi don a yi 500 ɗin, ko akwai wannan launin a ajiye cikin kayan da aka riga aka rina? A ranar ta amsa da lambobi uku.

Inda na fi jinjina masa shi ne ranar da aka samu matsala. Kafin a fara aiki an aiko da 'yan ƙyallaye na gwajin rini, Alhaji ya zaɓa, aka sa hannu a kansu, kowane ɓangare ya riƙe nasa. Da aka gama, kafin a biya ciko, yaron ya sa aka yanko ƙyalle daga kowane launi aka aiko. Biyar sun yi daidai. Shuɗi mai duhu, wanda shi ne aka fi nema a kasuwa, ya fito da wani jaja-jaja a cikinsa. A ƙarƙashin fitilar shago ba ka gani sosai, amma da aka fita da shi rana aka ɗora a kan na gwajin, bambancin ya fito sarai. Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai. Ya ce a rubuta wa mai kamfanin kansa, a gaya masa sun ci amana, kuma a saka duk wanda aka sani a kamfanin a cikin wasiƙar.

Yaron ya roƙi arziƙin kwana biyu. Ita kaɗai ya rubuta wa, bai saka maigidanta ba. Dalilinsa a bayyane yake: in aka tsawata mata a gaban shugabanta, daga ranar aikinta ya koma kare kanta, kuma hanya mafi sauƙi ta kare kai ita ce a ce launin daidai yake, hasken hotonku ne. Kamfanin gaba ɗaya zai jeru a bayanta, maganar ta tashi daga yadi ta koma ta mutunci, wadda ba ta da farashin sasantawa. Ita ce kuma mutum ɗaya tak da suke da ita a cikin gidan.

Ya fara da gode mata a kan launuka biyar da suka yi kyau, kuma da gaske yake, sun yi kyau. Sannan ya kawo hujja ba tare da zargi ba: hoton ƙyallen gwaji da sabon ƙyallen a jere, a hasken rana, da lambar launin da ranar da aka amince da shi. Bai tambayi laifin wane ne ba. Ya ce mai yiwuwa wani abu ya faru a wurin rini, wanda kusan haka ne ma, domin kamfanoni da yawa a Keqiao ba su ke rini da kansu ba, kai wa masana'antar rini suke yi su shiga layi. Da wannan jimla guda ya ɗauke laifin daga kanta ya ajiye shi a inda su biyun za su iya fuskantarsa tare. Ya kuma ɗora matsin a kan wasu na nesa: masu sayenmu sun riga sun ga samfurin farko, ba za su karɓi wannan ba. Bai rage komai daga gaskiyar ba. Ya rubuta ƙarara cewa yadi 5,000 na wannan launi ba za su iya karɓarsa a haka ba, kuma ba za a biya cikon kuɗinsa ba sai an gyara. Ya jera hanyoyi uku: a sake rina sabo, ko a mai da wannan baƙi tun da mai duhu yana hawa kan mai haske, ko a loda biyar ɗin yanzu na shidan ya biyo baya. Ya rufe da tambayar da nake ganin ita ce zuciyar wasiƙar: "Ke kin fi mu sanin masana'antar. Wace hanya kike ganin ta fi, don in kai wa maigidana?"

Ba ta amsa a rubuce ba. Kiran murya ta yi masa a WeChat, wanda shi ma alama ce, domin abin da ke da nauyin faɗa sun fi son faɗarsa da baki. Ta ce an haɗa rinin ne a tukunya daban da ta gwaji, ta riga ta yi magana da manaja, za a sake sabo cikin kwana goma, su kuma za su sayar da wancan a kasuwarsu. Bai nemi ta rubuta ban haƙuri ba. Bayan kiran ya aika imel mai layi huɗu yana maimaita abin da aka amince da shi da ranarsa, ta amsa ta tabbatar. Sai bayan an loda kaya ne ya rubuta wa mai kamfanin, wasiƙar yabo, yana ambaton sunanta da yadda ta warware matsalar, ya kuma saka ta a ciki don ta gani. Kuka a keɓe ya kai shi, yabo kuma a gaban shugaba.

Ba kullum abin ke ƙarewa haka ba, shi ma ya sani. Da ta yi shiru sau biyu, da ya hau sama zuwa ga maigidan, cikin ladabi, da hotunan nan dai, ita ma tana ciki. Akwai kuma kamfanonin da ba ruwansu da dangantaka, ciniki ɗaya suke nema su wuce, kuma babu lafazin da zai gyara su. Ƙarfin wasiƙar tasa ya dogara ne a kan abubuwa biyu da ba lafazi ba ne: ƙyallen da aka sa wa hannu, da kashi 70 da ke hannun Alhaji har lokacin.

Kwana goman nan ma sun samu ne don an fara da wuri. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ranar 29 ga Janairu ce, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu. Hutun gwamnati ya ɗan haura mako guda, amma ma'aikatan masana'antu, waɗanda da yawansu daga larduna masu nisa suke, suna fara tafiya gida tun kafin ranar, ba sa kuma dawowa gaba ɗaya sai bayan bikin fitilu na ranar sha biyar ga watansu na farko. Makonnin da ke gabanta kowa yana rububin a gama masa, inganci yana raguwa, wuri a jirgi yana wuya. Mai son kayan ƙaramar Sallah da ta faɗo a Maris, wanda zai lissafa makonnin teku zuwa Legas da fitar da kaya daga tasha da hanyar mota zuwa Kano, dole odarsa ta bar Ningbo tun Disamba. Yaron yana riƙe da kalandarsu kusa da tamu. Yana aika barka da bikin tsakiyar kaka, da hutun ranar ƙasa na farkon Oktoba, da sabuwar shekara, kuma ba ya taɓa liƙa wata buƙata a jikin saƙon barka. Da sabuwar shekara ta matso ne ya tambaye ta ko za ta samu zuwa Anhui wajen iyayenta. A lokacin tambayar iyali ta riga ta zama halal a tsakaninsu. Ita ma ta koyi aiko da barka da Sallah.

Sabon da aka yi yana da nasa haɗarin, kuma 'yan damfara sun san shi. Sukan kutsa akwatin imel na ɗaya daga cikin ɓangarorin, su zauna shiru suna karanta hirar, su koyi yadda ake gaisawa, sannan daidai lokacin biyan ciko su aiko da saƙo daga adireshin da harafi ɗaya ya bambanta shi da na gaskiya, da irin lafazin da aka saba, cewa an canza asusun banki saboda binciken haraji ko wani dalili makamancinsa. Wanda ya saba da yarda zai ji kunyar tambaya. Yaron ya cire wannan kunyar tun a farkon hulɗa: ya rubuta mata cewa ƙa'idar shagonsu ce, ga kowa da kowa, ba sa tura kuɗi sai zuwa asusun da ke kan takardar farashi mai jan hatimin kamfani, wadda ake kira PI, kuma sunan mai asusun ya zama sunan kamfanin. Asusu a Hong Kong shi kaɗai ba alamar cuta ba ne, kamfanoni na gaskiya da yawa suna da shi. Canji na bagatatan shi ne abin tsoro. Duk ranar da za a tura kuɗi, ko an canza ko ba a canza ba, yakan kira ta da bidiyo a tsohon layinsu na WeChat, ya ga fuskarta, ya karanto lambobin ƙarshe na asusun, ita kuma ta duba takardar da ke gabanta ta ce haka ne, sannan Alhaji ya tafi banki.